Jabun taki, magani da iri a yankin Tafoki: abin da hoto ke kamawa da abin da ke kuɓuce masa

Manomin Tafoki da ya sayi buhun taki ko kwalbar maganin feshi a watan Mayu ba zai san abin da ya saya ba sai watan Yuli ko Agusta, lokacin da masara ta yi rawaya ko ciyawa ta ƙi mutuwa. A nan ne cinikin kayan noma ya bambanta da sauran ciniki. Wanda ya sayi atamfa zai murza ta da hannu, wanda ya sayi tunkiya zai buɗe mata baki, amma taki da iri da magani cinikin biri a sama ne: kuɗi yau, sakamako bayan wata biyu, kuma kafin sakamakon ya fito mai tebur ya naɗe kayansa, damina ta yi nisa, babu halin sake shuka.

Yankin nan na kudancin Katsina, daga Faskari zuwa Sabuwa da Ƙanƙara, ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken suya, noman da ke cin taki da magani da yawa. Galibin kayan daga Kano da Zariya da Funtuwa suke shigowa, su bi hannun dillalai su sauka a kasuwannin mako irin su Sheme da Dandume, daga nan su watsu zuwa tebura da shagunan ƙauye. Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Malamin gona ba ya shiga ko'ina, jami'in da ke duba ingancin kaya ma haka, shi kuma manomi ya shigo kasuwa da sauri yana son ya koma gida kafin la'asar. Mai jabu ba ya neman abin da ya wuce wannan. Shi ya sa shawarar da ake yawan bayarwa yanzu, cewa manomi ya ɗauki hoton kaya da wayarsa kafin ya biya, ta cancanci a dube ta da kyau. Shawara ce mai amfani, amma sai an san inda za a ɗauka, kuma sai an san iyakarta.

Abu na farko shi ne a raba jabu gida biyu, domin hoto ba ya kama su daidai. Akwai jabun mazubi, inda aka kwaikwayi buhu ko kwalba ko leda tun daga bugu. Akwai kuma jabun ciki, inda mazubin na kamfani ne na gaskiya, an dai zazzage abin da ke ciki an sake cika shi. Na farko rubutu ne ke tona shi. Na biyu babu abin da ke tona shi sai baki, wato ɗinkin buhu, murfin kwalba da liƙin leda. Yawancin mutane in an ce su ɗauki hoto sai su ɗauki gaban kaya, inda aka zana ƙaton zangarniyar masara da sunan kamfani. Wannan shi ne wurin da mai jabu ya fi kashe wa kuɗi, kuma shi ne hoton da ya fi kowanne rashin amfani.

Taki ne ya fi cin kuɗin manomi, don haka a nan ya kamata a daɗe. Lambobin nan uku da ke jikin buhun kamfa alkawari ne a rubuce. NPK 20-10-10 na nufin a cikin buhu mai kilo 50 akwai kilo 10 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, kilo 5 na mai gina saiwa, kilo 5 na mai cika ƙwaya da ƙarfafa kara. Irin wannan kamfa ya yaɗu ne ta hanyar shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, kuma gauraya shi ake yi a masana'antun cikin gida. In aka yi lissafin haɗin, buhu ɗaya na buƙatar yuriya kusan kilo 17 da rabi, takin fosfet mai launin toka ko ƙasa-ƙasa kusan kilo 11, da fotash, wanda sau da yawa ja-ja ne, kilo 8 da ɗoriya. Jimla kilo 37 ke nan ba ɗan kaɗan. Sauran kilo 13 cikon farin dutse ne da aka niƙa aka dunƙule.

Wannan lissafi yana gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare. Manomi ya jiƙa kamfa a ruwa, ya ga tsakuwa ta kwanta a gindin kofi, sai ya ce an cuce shi. Ba lallai ba. Kusan kwatan buhun 20-10-10 na gaskiya ciko ne. Ha'incin yana wajen yawan cikon. A ce mai haɗi ya cire rabin fosfet da rabin fotash, waɗanda su ne masu tsada domin daga waje ake shigo da su, ya maye gurbinsu da dutse. Ya rage kusan kilo 10 na taki, buhu na nan da nauyinsa na kilo 50, kuma yuriyar da ke ciki za ta sa masara ta yi kore shar a makonnin farko. Manomi zai yaba takin. Sai lokacin goyo ya ga zangarniya ƙanana, ƙwaya ba ta cika baki ba, kara na faɗuwa da iska kaɗan, ya ɗora laifin a kan ruwan sama ko ƙasa. Wannan shi ne jabun da ya fi cutarwa, domin wanda aka cuta ba ya ma sanin an cuce shi.

Binciken da cibiyar bunƙasa taki ta duniya, IFDC, ta yi a ƙasashen ECOWAS har da Nijeriya, wanda ya fito a 2013, ya nuna cewa matsalar ta fi yawa a takin da ake gaurayawa da kuma buhunan da nauyinsu bai cika ba. Yuriya kuwa galibi lafiyarta lau. Wani binciken a Tanzaniya ma ya gano yuriyar da manoma ke zargi mai kyau ce. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yuriya farar ƙwaya ce iri ɗaya, duk abin da aka zuba mata yana nunawa, kuma gwada ta ba wuya: a zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa, za ta narke tas, kofin ya yi sanyi a hannu. Gishiri yana narkewa amma ba ya sanyaya ruwa haka. A kan ƙarfe mai zafi yuriya narkewa take yi ta tashi da wari mai shiga hanci, gishiri kuwa sai dai ya yi ta tartsatsi. Saboda haka mai sayen yuriyar Indorama ko Notore ko Dangote ya fi mayar da hankali ga nauyi da ɗinki, mai sayen kamfa kuma ya ƙara da duba haɗin.

To me za a ɗauka a jikin buhu? Hoton farko na ɗinkin baki ne, kusa-kusa, daga wannan kunne zuwa wancan. Ɗinkin kamfani layi ne miƙaƙƙe, zare iri ɗaya, tazarar allura daidai. Buhun da aka farke aka sake ɗinkewa yana barin layin tsofaffin huda a sama ko a ƙasan sabon ɗinkin, ko kuma bakinsa ya gajarta saboda an yanke tsohon wurin. In aka ga zare kala biyu, ko ƙulli a tsakiyar layi, a bar wannan buhun. A juya a ɗauki ɗinkin gindi ma, domin mai wayo ta nan yake buɗewa. Hoto na biyu na rubutun gefe ko na baya ne, inda doka ta tilasta a sa lambobin sinadari, nauyi, sunan masana'anta da adireshinta, da lambar rukunin haɗi. Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta haramta sayar da taki ba tare da rajista da izini ba, ta kuma haramta gurɓata shi da rage masa nauyi. Buhun da adireshinsa ya tsaya a sunan gari kawai, babu titi, ko wanda lambar rukuninsa babu ita sam, ya riga ya karya doka kafin a buɗe shi. Hoto na uku na buhun ne a kan sikeli, allura na nunawa. In buhu ya yi kilo 47, manomin da ya sayi buhu 17 ya biya kuɗin buhu guda cur da bai samu ba.

Akwai hoto na huɗu, in mai shago yana da buhu a buɗe: a ɗebi cikin tafin hannu daga sama, a zura hannu a ɗebo daga can ƙasa, a ɗauki hotonsu gefe da gefe. A haɗin 20-10-10 na ƙwarai za a ga fararen ƙwayoyin yuriya sun kai kusan sulusi, ana ganin na fosfet da na fotash ko'ina, girmansu kusan ɗaya. In ja-jan nan sai an nema, ko gari da yashi sun taru a ƙasa, akwai magana. Ina ganin mai shagon da ya ƙi a ɗora buhu a sikeli, ko ya ɓata rai don an ɗaga waya, ya riga ya ba da amsar da ake nema. Mai kaya na gaskiya yakan ce ne, “Ɗauka mana, Malam, ga ma rasit ɗin da na saro da shi.”

Maganin feshi ya fi taki wuyar sha'ani, domin ruwa ne, kuma launi da kauri da kumfa duk ana iya kwaikwayonsu. A ɗauki gilaifoset, maganin da ake fesawa kafin shuka ya kashe ciyawa har saiwa. Sunayen kasuwa sun yi yawa, amma abin da ake saye shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna: sunan sinadari da ƙarfinsa. Wanda aka fi sani yana ɗauke da 360 g/l. Wasu kwalaben suna rubuta 480 g/l ko 41%, manomi ya ɗauka sun fi ƙarfi, alhali sau da yawa magani ɗaya ne, an auna shi ne da gishirin da aka haɗa shi da shi. Wannan ba jabu ba ne, amma hanya ce ta karɓar ƙarin kuɗi a kan abu ɗaya, kuma hoton wannan layin ne zai ba malamin gona damar warware maka shi a minti guda.

Bayan layin sinadari sai lambar rajistar NAFDAC. A nan a yi hattara, domin buga lamba ba wuya, kuma mai jabu yakan ɗauko lambar wani kaya dabam ya manna. Amfanin lambar yana fitowa ne idan aka haɗa ta da sunan maganin da sunan kamfanin a hoto ɗaya, aka tura wa wanda zai iya tambaya a ofishin hukumar ko wajen babban dilan kamfanin. Rashin lambar kuwa hukunci ne kai tsaye. Masu bincike daga Jami'ar Jihar Michigan da abokan aikinsu a Mali sun auna kwalaben gilaifoset na kasuwannin can, suka tarar marasa rajista sun gaza masu rajista ƙarfi da kashi 8 zuwa 10 cikin 100, kuma ƙarfinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, wata kwalbar ta yi, wata ta ƙi. Kwalbar da rubutunta duka Faransanci ne ko Sinanci, ta tsallako iyaka ke nan ba ta bi ta hannun hukuma ba.

Sai kwanan wata. Ana buga ranar haɗawa da ranar lalacewa da lambar rukuni, inda aka sa MFG da EXP, da wani injin dabam bayan an cika kwalba, shi ya sa tawadarsu takan bambanta da ta sauran takardar, sau da yawa ɗigo-ɗigo. In aka ga an buga su sumul tare da zanen takardar, wato kowace kwalba da za a manna wa wannan takarda lambarta ɗaya har abada, abin zargi ne. In aka ga ƙaramar takarda a manne a kan wurin, ko wurin ya yi fari kamar an goge shi da fetur, tsohon kaya ne aka sabunta wa shekara. Yawancin magungunan nan shekara biyu ne wa'adinsu, wasu uku, don haka tazarar shekara biyar tsakanin ranakun biyu ƙarya ce. A nemi kwalin da kwalaben suka zo a ciki, a gwada lambar rukunin kwali da ta kwalba. Sannan a ɗauki hoton murfi: zoben da ke ƙasansa ya kasance a haɗe, ba a liƙe shi da gam ko wuta ba, kuma in an saya a buɗe a gaban mai shago a ga farar ledar ƙarfen da ke toshe baki a manne take ko'ina. A gindin takardar akwai ɗamara mai launi, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore, mai nuna girman haɗarin guba, tare da ƙananan zanen safar hannu da takunkumi. Masu kwaikwayo sukan manta da ita ko su sa launin da ya yi musu kyau.

Hoto kuma yana kama kayan da aka hana. An daɗe da haramta gamalin, kuma NAFDAC ta sanar da hana farakwat, maganin nan mai ƙone ciyawa cikin kwana ɗaya, daga farkon 2024. Wanda ya ga sabuwar kwalba da wannan sinadari da sabon kwanan wata, ya san ba ta hanyar kirki ta zo ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba duk maganin da ya ƙi aiki ba ne jabu. Gilaifoset ba ya nuna aikinsa sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, ciyawa ta fara rawaya a hankali. Wanda ya fesa da safe ya ga ciyawa ta ƙone da yamma, shi ne ma ya kamata ya yi zargi, domin an haɗa masa da wani abu, kuma saiwar na nan da ranta. Ruwan kududdufi mai laka yana kashe ƙarfin gilaifoset tun a cikin injin feshi, domin sinadarin yana manne wa ƙasa. Ruwan sama da ya sauka 'yan sa'o'i bayan feshi yana wanke shi. Haka ma tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016: in ta girma ta shige can cikin kan masara, maganin ƙwarai ma da ƙyar yake cin ta. Manomin da ya ajiye hoton takardar, da ma'aunin da aka rubuta a kanta, shi ne zai iya raba laifin kwalba da laifin hannu.

Iri shi ne mafi sauƙin jabu. A sayi masara a kasuwar hatsi, a tankaɗe, a zuba mata jan launi ta yi kama da wadda aka yi wa magani, a ɗura a leda mai suna. Jan launin ba shaidar komai ba ne. Shaidar ita ce takardar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, wadda shuɗiya ce ga irin da aka tantance don manomi, ɗauke da sunan nau'in irin, lambar rukuni, kason da ya tsira a gwaji da ranar da aka yi gwajin. Sunan nau'in ya zama cikakke, kamar jerin SAMMAZ da cibiyar binciken noma ta Samaru ke fitarwa, kowanne da lambarsa. Ledar da aka rubuta wa “ingantaccen iri” kawai, babu suna babu lamba, hatsi ne. Tun 2019 hukumar ta shigo da tsarin Seedcodex, wata 'yar takarda da ake kankarewa kamar katin waya, a tura lambar da ta fito ta saƙon tes zuwa lambar da aka rubuta a jiki, amsa ta dawo. A dukan abubuwan da muka lissafa wannan ne kaɗai ke ba da amsa a tsaye a shago, ko da ƙaramar waya ce. A ɗauki hoton takardar kafin a kankare, kuma kada a karɓi wadda aka riga aka kankare.

Tsarin yana buƙatar sabis, abin da mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka san ba a dogara da shi, tunda sun yi watanni babu shi lokacin da aka katse layukan waya a 2021. Inda saƙo ya ƙi tafiya, gwajin tsiro yana nan: a ƙirga ƙwaya 100, a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsira bayan kwana bakwai, a gwada da kason da ke jikin takarda. Wannan yana nufin sayen leda ɗaya tun makonni biyu kafin shuka, ba ranar da ruwa ya sauka ba. Sai dai gwajin yana nuna rai ne kawai. Hatsin bara mai kyau zai tsira sarai, ba zai gaya maka cewa shi ba irin aure ba ne. Wannan sai a gona, in masara ta fito wata doguwa wata gajeruwa, ba su yi bunni tare ba.

A nan iyakar hoto take. Kwalbar kamfani ta gaskiya da aka cika da rabin ruwa aka sa mata sabon murfi, ko sabon buhu da masana'anta mai rajista ta cika da haɗi mai rauni, za su tsallake kowane hoto. Abin da hoto ke yi a irin wannan hali shi ne ɗaure kaya da mai kaya. Saboda haka a sa rasit a cikin hoton, a sa mai shago ya rubuta lambar rukuni a kansa, a ajiye mudu guda na takin a ƙulle cikin leda, da ledar irin da takardarta, har kaka. Manomi ɗaya da ya je da baki kawai za a ce masa ƙasarsa ce ta gaji. Manoma goma daga Tafoki da hotunan lambar rukuni ɗaya, da samfurin taki a hannu, magana ce da ofishin KTARDA na Funtuwa ko kamfanin da aka ɓata wa suna ba za su iya turewa ba, kuma akwai abin da za a kai ɗakin gwaji.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ne muke ba mai jabun ciki jarinsa. Bayan feshi akwai masu bin ƙauyuka suna sayen kwalaben da babu komai a ciki, kuma sun fi son mai takarda lafiyayya da murfinta. Ba don zuba man ja suke biyan wannan kuɗin ba. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi, a huda gindinta da wuƙa, a yage takardar. Buhun taki kuwa, tunda yana da amfani a gida, a tsaga shi ta tsakiyar sunan kamfanin a yi shimfiɗar shanya da shi, ledar iri kuma a yanka ta biyu bayan kaka.